Ƙawata ce ta haɗa mu, yanzu kuma ita ke kawo mani maganarshi

Assalamu alaikum Anti. Don Allah a sakaya sunana. Ni budurwa ce shekarata 23, a cikin garin Katsina nike. Wata 2 kenan wani ke zuwa wurina zance, ɗan Daura ne amma nan yake da shago, ya ganni wurin biki ne aminiyata tun ta sakandare ta ba shi nambata. Yayana ya kai shi ya gaida Baba an ba shi izini, amma manyanshi ba su zo ba tukuna. To sati 3 da suka wuce sai ita ƙawar tawa ta ce mani ta ji ya taɓa aure a Daura ya saki matar har da ɗiya, kuma wai akwai wadda aka sa masu rana, ta turo mani sikirinshot na hirarshi da wata, ta ce kar in ce ita ta faɗa. Tun lokacin shi ma ya canza, rannan ya tambaye ni wai har yanzu ina waya da tsohon saurayina, ya ma san tsohon ya kira ni da Sallah, alhali daga ita sai ɗiyar goggona suka san wannan. Yanzu goggo ta fara yi ma Mama maganar. Wallahi ko barci ba ni iyawa. In tare ƙawar tawa ne, ko in tambaye shi, ko in haƙura da shi kawai?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki ki samu ki yi barci, babu abinda ya lalace tukuna, wata 2 ne fa, ba a karɓi ko sisin kowa ba, duk hanyar da kika bi daga nan ba kunya a cikinta. Abu ɗaya nike roƙonki, kar ki yanke hukunci a satin nan, a kanshi ko a kanta.

Abinda ya hana ki barci shi ne kin haɗa magana 2 wuri guda, ko labarin gaskiya ne, da kuma ko mai kawo labarin tana da niyya mai kyau. Ki raba su. Na sha ganin yarinya ta gano ƙawarta hassada take mata, sai ta watsar da duk abinda ta faɗa, a yi aure, bayan wata 4 ta tarar da ɗan kishiya a tsakar gida. Na kuma ga wadda ta kori mutumin kirki saboda ta yarda ƙawarta ba za ta taɓa yi mata ƙarya ba, kuma da gaske ba ƙarya ta yi ba, ita ma ji ta yi a bakin wata da ta ji a bakin wata. Mai hassada na iya faɗin gaskiya, mai ƙaunarki na iya kwaso shirme. Shi ya sa aya ta 6 a Suratul Hujurat, ko fasiƙi ne ya zo da labari ba a ce a ƙaryata shi ba, ba a ce a gaskata ba, cewa aka yi a bincika. Kuma kar ki ɗauka duk wanda ya faɗi aibin mai neman aure gulma ya yi. Fatima bint Ƙais ta je wurin Manzon Allah (SAW) ta ce Mu'awiya da Abu Jahm na nemanta, ya gaya mata Mu'awiya ba shi da dukiya, Abu Jahm kuma ba ya sauke sanda daga kafaɗarshi, ya ba ta shawara ta auri Usama bin Zaid. Ki lura da yadda aka yi, ita ta je ta tambaya, aka faɗa mata abu takamaimai, sau ɗaya, aka wuce wurin. Da wannan za ki auna ƙawarki.

Bari mu fara da sikirinshot ɗin tunda na san shi kike ta buɗewa cikin dare kina ƙara karantawa. A cikin duk abinda ke hannunki shi ne mafi rauni. Sunan da ke fitowa a saman hira a WhatsApp, sunan da mai wayar ya yi sebin ne, ni yanzu zan iya sa ma nambar ƙanena sunan saurayinki in ɗora hotonshi da na ɗauko a sitatus, mu rubuta abinda muka ga dama in ɗauka in turo maki, aikin minti 5 ne. Ki duba hoton da kyau, namba ta fito ko suna ne kawai? Akwai kwanan wata? Don ko hirar ta gaskiya ce tana iya zama ta bara, tun bai san da ke ba. In saƙon da ya zo maki na ɗauke da alamar Forwarded to ita ma turo mata aka yi, ke nan akwai wani a bayanta. Ko da duk ya tabbata, abinda ya nuna kawai shi ne yana hira da wata, ba daɗi kam, amma namijin da manyanshi ba su zo ba tukuna hira da wata bai kai a kira shi mayaudari ba, ya dai kai a tambaye shi. Kar ki tura hoton nan ma kowa, ko ɗiyar goggo, akwai mutuncin wata yarinya a ciki wadda ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Sauran maganganun 2 su ne masu nauyi, kuma Allah ya taimake ki irin waɗanda ba su ɓoyuwa ne. Aure ba a ɗaura shi a ɗaki, akwai waliyyi, akwai shaidu, akwai limamin da ya ɗaura, akwai mutanen da suka ci goro, in kuma an haihu an yanka rago an yi suna unguwa ta sani. Sa rana ma haka, manya ne ke zuwa a kai goro da alawa a rarraba ma dangi da maƙwabta, ai don a sani ake rabon. Daura kuma ba bayan duniya ba ce, tafiyar da ba ta kai awa 2 daga Katsina ba, mutum ya tafi da safe ya yi la'asar a gida. To abinda mutum ɗaya mai hankali zai gano a wuni guda, me zai sa ki kwana 21 kina juya shi a rai? Amma ki bambanta su. Ya taɓa aure ya rabu, wannan ba laifi ba ne, abin tambaya shi ne me ya raba su, yana ci da ɗiyar yana tufatar da ita, kuma me ya sa wata 2 bai faɗa ba. Wasu mazan na jira sai magana ta yi ƙarfi don tsoron kar a kore su tun a zaure, ban ce daidai ba ne amma ana gane dalilin. An sa mashi rana da wata kuma yana zuwa wurinki a matsayin wanda ba shi da kowa, wannan ɓoyewa ce da gangan, hukuncinta daban.

Game da ƙawarki, ba tarewa za ki yi ba, tambaya za ki yi, ku 2 kawai, ba a waya ba. Ki ce mata, "Maganar nan ta tsaya mani a rai, wa ya faɗa maki, don za ni gaya ma Mama a bincika." Daga nan ki yi shiru ki kalle ta. Wadda ta faɗa don Allah za ta ce wance ce ta gaya mani, ko ƙanwar matar muke makaranta ɗaya, kuma ba za ta ƙi maimaitawa gaban Mama ba ko da tana jin nauyi. Wadda take da wata manufa za ta fara kame-kame, ke dai an ce, ni dai na faɗa maki don Allah, kar ki sa ni a bakin manya. Wata alamar kuma ita ce yadda labarin ke zuwa, mai nasiha takan juye abinda ta sani gaba ɗaya ta huta, mai zuga kuwa kaɗan kaɗan take kawowa, duk ranar da ta ga kin fara sakin jiki da shi sai sabo ya ɓullo. Ki tuna baya, ranakun da ta kawo maki magana, ba washegarin zance ba ne bayan kin gama ba ta labarin daɗin hirar? Amma cewar da ta yi kar ki ambaci sunanta, shi kaɗai bai isa hujja ba, ita ta haɗa ku, tana iya jin tsoron ya ce ita ta haɗa ita ta raba, kuma mai yiwuwa tana jin nauyin ita ta jawo maki shi ba tare da ta san ko wane ne ba.

Maganar kiran Sallah kuwa na san zuciyarki ta riga ta nuna mutum ɗaya, to ki dakata. Kin ƙirga mutum 2, ni na ƙirga 4. Akwai ƙawar, akwai ɗiyar goggo, akwai ita goggon tunda da wuya ɗiya ta ji abu uwarta ba ta ji ba, ga shi kuma kin ga har ta iso wurin Mama, sannan akwai shi wanda ya yi kiran, tsohon saurayi in ya ji wani ya shigo ba abinda ya fi mashi sauƙi irin ya faɗa a majalisa cewa ai har yanzu muna waya, kuma majalisun samarin Katsina duk a haɗe suke, magana ta tashi daga Ƙofar Ƙaura kafin isha'i ta kai Ƙofar Marusa. Wasu za su ce ki ɗana tarko, ki gaya ma kowace ƙarya daban ki ga wadda za ta dawo. Ban ba ki wannan shawarar ba, ƙaryar da kika saki a kanki za ta tsaya ko bayan kin kama mai yawo da ita, kuma in su 2 suna magana da juna tarkon bai nuna komai. Abinda ke aiki shi ne ki rufe bakinki na sati 3. In an ce ya mutumin, ki ce lafiya lau, ki kawo maganar ɗinki ko ta anko. Ba ranar da zai zo, ba abinda ya kawo, ba abinda kuka yi saɓani a kai. Ki sa ma wayarki makulli ki bar miƙa ta a kalli hotuna. In labarinki ya daina isa kunnenshi kin san daga kusa yake fita, in ya ci gaba to ki duba waje. Ko ba ki gano kowa ba kin toshe kafar, wannan ɗin ma ya wadatar. Tsohon saurayin kuma ki rufe wannan ƙofar gaba ɗaya, gaisuwar Sallah ba zunubi ba ce amma kin ga abinda ta jawo.

Sai shi mai zuwa zancen. Ki sa kanki a matsayinshi kaɗan, yadda aka cika maki kunne haka aka cika mashi, yana can shi ma yana tunanin ko ana wasa da hankalinshi ne, kuma maza da yawa in sun ji irin wannan ba su tambaya, zamewa suke a hankali, kira ya koma saƙo, saƙo ya koma kallon sitatus. Shi ya buɗe baki ya tambaye ki, wannan ni a wurina alama ce mai kyau. Ki bari sai ya zo zance, kar ki yi ta saƙo, don ta waya mutum na da lokacin shirya amsa ko ya nuna ma abokinshi su shirya tare, kuma duk abinda kika rubuta gobe yana iya zama sikirinshot a wayar wata. Ki fara da naki, "Ka tambaye ni maganar wane, eh ya kira ni da Sallah mun gaisa, ba komai tsakaninmu kuma na rufe wannan. Ni ma an kawo mani magana a kanka, na ga gara in ji daga bakinka. Ka taɓa aure? Akwai wadda aka sa maku rana?" Shi ke nan, tambaya 2, ba kuka, ba rantse da Allah, ba miƙo wayarka in gani. In ya ce wa ya faɗa maki, ki ce ba wannan ne a gabanmu ba, don kina ambatar suna zance ya tashi daga kanshi ya koma kanta, ki tashi ba ki samu amsa ba ga kuma sabuwar rigima.

Amsarshi ki saurare ta da kunne biyu. Wanda ya ce eh na yi, shekara kaza, ga abinda ya raba mu, ɗiyar na wurin mahaifiyata, ya ba ki abinda za a je a tabbatar. Wanda ya ce a'a kuma ya ƙara da ku aika Daura ku tambaya ga unguwarmu ga sunan babana, shi ma ya buɗe ƙofa. Wanda za ki ji tsoro shi ne wanda ya hau fushi ya ce ashe ba ki yarda da ni ba, maƙiya ne kawai, ya yi ta rantsuwa amma bai ce eh ba bai ce a'a ba, ko ya ce kar ki gaya ma su Baba. In hirar ta yi daɗi sai ku yi alƙawari duk wanda ya ji magana a kan ɗan'uwanshi ya kawo ta kai tsaye kafin ya kwana da ita, kuma ki faɗa mashi cikin raha cewa aikin ɗan aike ya ƙare tunda ga ki ga shi. Nan ne yawanci ɓarakar take ƙanwata, wadda ta haɗa tana da nambar kowa, shi yana tambayarta me kike so me ya ɓata maki rai, ke kina tambayarta ya take ganinshi, ta zama ta fi ku sanin soyayyarku, kuma ko ba ta da mugun nufi baki na zamewa. Ba sai kin ce ya yi bulokin ɗinta ba, ya dai daina bi ta wurinta.

Amma kafin duk wannan, Mama. Ba daidai ba ne ta riƙa jin labarin ɗiyarta a bakin goggo guntu guntu ke kina ɗaki kin yi shiru, shirun naki sai ya zama kamar kin sani kina rufa mashi asiri. Ki same ta ita kaɗai ki faɗa mata duka har da kiran Sallah, ki ce kina so a yi bincike yanzu ba sai an kawo kuɗin gaisuwa ba. Goggo kuma kar ki yi mata kallon maƙiyiya, ƙanwar uba ko yayarshi tana da bakin magana a aurenki, in ta kawo maki zancen ki ce to Goggo an gode, maganar na hannun su Baba. Ba wanda zai ja da wannan amsar.

Binciken ba naki ba ne, ba na ƙawa ba ne, ko yayanki ma ban so ya zama shi kaɗai tunda shi ya gabatar da shi, zai so magana ta yi kyau. Baba ya samu dattijo mai riƙe sirri, kawu ko amininshi, in da hali mutum 2 da za su je daban daban. A je unguwar da ya tashi ba inda yake haya a Katsina kaɗai ba, a yi salla a masallacin layinsu a tambayi liman ko ladan, a gaida mai unguwa, a zauna da mai shago ko mai shayin bakin layi, su ne suka san shige da ficen kowa. A nan gida kuma a tambayi maƙwabtan shagonshi yadda yake da bashi da alƙawari. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a tambayi waɗanda shi ya nuna, ko a yi tambayar da ba ta da kai, wane mutumin kirki ne? Kowa zai ce eh, Bahaushe ba ya son a ce shi ya hana aure. Sai an ce ya taɓa aure, ɗiyar wa ya aura, me ya raba su, an kai kuɗinshi wani gida a bana? In amsar mutum 2 da ba su haɗu ba ta zo ɗaya kuma ta dace da abinda ya faɗa maki, magana ta ƙare. Sati 2 zuwa 3 ya isa a gama, kuma a cikin wannan lokacin Baba na iya aika mashi cewa in da gaske yake ya turo manyanshi. Wanda aka sa ma rana a wani gida ba zai iya kawo baffanninshi gidanku ba tare da maganar ta fito ba, don su ɗin ne dai suka je wancan gidan.

In ya tabbata ya yi auren kuma ya faɗa da bakinshi, sai ki zauna da kanki ki ga ko za ki iya riƙon ɗiyar wata, ba dole, kuma cewa a'a ba zalunci ba ne, ki yi istihara ki shawarci Mama. In ya musanta bincike ya ƙaryata shi, ki bar Baba ya sallame shi, ba sai kin yi dogon bayani ba, kuma ki je ki gode ma ƙawarki ko da kin san ba don Allah ta faɗa ba. In kuma duk ƙarya ce, ita ma sai a duba, in jiyowa ta yi ki ce mata an bincika ba haka ba ne ku ci gaba da zumunci amma sirrinki ya tsaya a cikinki, in ƙirƙira ta yi ki ja baya a hankali, gaisuwa da biki da suna, ba gaba. Kar ki hau sitatus da habaici, kar ki kai ƙara guruf ɗin 'yan ajinku, kar ki nemo nambar yarinyar cikin hoton, kuma don Allah duk wadda ta ce ki zo ta raka ki wurin mai duba a gano wa ya shiga tsakani ki ce mata kin gode, sunan wani na kusa da ke kawai zai kama ya bar ki da gaba har tsufa. In dai maganar ta wuce nan ta fara taɓa mutuncinki, wato a ce an ganki da wani a wani wuri, wannan ya zama ƙazafi, ba ke za ki tsaya musu ba, Baba ne zai kira iyayen mai maganar ko a je gaban mai unguwa.

Ki fara da Mama yau bayan isha'i in gida ya yi shiru, ƙawar gobe ko jibi, shi kuma ranar zancenshi. In dattijon ya dawo daga Daura ki rubuto mani abinda ya samo, musamman in ya saɓa da abinda shi ya faɗa maki.